Kwana nawa jarinka yake yi a waje kafin ya dawo hannu?

Tambaya: Ina sarin kayan masarufi daga kamfanoni ina raba wa masu shaguna a Kano. Bara na yi cinikin naira miliyan 730, kuma kayan da na sayar ɗin na saye su a kan miliyan 657. A sito ba a rasa kayan miliyan 81, ina bin mutane kusan miliyan 60, kamfanoni kuma suna bina kusan miliyan 27. Littafi yana nuna riba, amma kullum sai na nemi rance idan za a yi lodi. An ce in lissafa zagayen kuɗina. Yaya ake yi, kuma ta ina zan rage shi?

Amsa: Alhaji, ribarka tana nan ba ta ɓace ba, sai dai tana kwance a wurare biyu da ba a biyan kuɗin lodi da su, wato cikin katan-katan ɗin da ke sito da cikin littafin bashi. Lissafin da aka ba ka shawarar yi yana auna tsawon lokacin da ke tsakanin ranar da kuɗi ya fita daga hannunka zuwa ga kamfani da ranar da ya dawo daga hannun mai shago, kuma da kwanaki ake auna shi. Idan kana amfani da manhajar lissafi za ka gan shi a rubuce kamar haka:

```
CCC = DIO + DSO - DPO
```

CCC shi ne zagayen kuɗin, sauran ukun kuma su ne sassansa. Na farko, DIO, kwanakin da kaya ke yi a sito ne kafin a sayar, na biyu, DSO, kwanakin da kake jira kafin wanda ya ɗauki kaya ya biya, na uku kuma, DPO, kwanakin da kai ma kake yi kafin ka biya kamfani. Ana haɗa biyun farko a ɗebe na uku, domin muddin ba ka biya kamfani ba, kuɗinsa ne yake riƙe da kayan, naka bai riga ya fita ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara mayar da shekarar zuwa rana ɗaya. Idan aka raba cinikinka gida 365, kana sayar da kayan miliyan 2 kowace rana, kuma waɗannan kayan a farashin sari miliyan 1.8 ne. Kayan sito ana raba su da farashin sari, domin da shi aka rubuta su a littafi: miliyan 81 a raba da 1.8 ya ba da kwana 45. Bashin da kake bi ana raba shi da farashin sayarwa, domin da shi ka rubuta wa mai shago: miliyan 60 a raba da 2 ya ba da kwana 30. Bashin da ake binka kuma ya koma farashin sari: miliyan 27 a raba da 1.8 ya ba da kwana 15. Saboda haka zagayenka 45 da 30 ne a ɗebe 15, wato kwana 60. Kuskuren da na fi gani a wannan mataki shi ne a raba dukkan ukun da cinikin rana ɗaya, wanda yake sa kwanakin sito su fito ƙasa da gaskiyarsu, mutum ya ɗauka kayansa sun fi yadda suke gudu.

Abin da kwana 60 yake nufi a aljihu shi ne naira miliyan 114, wato 81 da 60 a ɗebe 27, kuma wannan kuɗin dole ne ya fito ko daga jarinka ko daga rance a kowace ranar Allah, tun da kaya suna fita wasu suna shiga. Daga nan ne amsar rancen da kake nema take fitowa. Idan cinikinka ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a bana alhali kwanakin ba su canja ba, kuɗin da ke ɗaure zai ƙaru da miliyan 28.5. Ribarka kafin a cire hayar shago da albashin yara da kuɗin mota da haraji miliyan 73 ce, to idan abin da ya rage bayan an cire waɗannan bai wuce miliyan 30 ba, ka ga bunƙasar cinikin ta haɗiye kusan duka tun kafin ka taɓa ko kwabo. Haka ma idan farashi ne kawai ya tashi ba tare da ka ƙara sayar da ko katan ɗaya ba, domin tirelar da ka cika bara da wani kuɗi ba za ta cika da shi a bana ba. Shi ya sa ɗan kasuwa mai riba yake iya tsayawa cik, wani lokaci ma a shekarar da kasuwarsa ta fi ci.

Kafin a dogara da waɗannan alƙaluma, ina so ka tabbatar da abu biyu. Na farko, kada ka ɗauki abin da ke sito a rana ɗaya tak ka ce shi ne na shekara. Mai kayan masarufi yana cika sito gabanin azumi, bayan salla kuma ya kusa zama fanko, don haka wanda ya ƙirga a ɗaya daga cikin ranakun nan biyu zai samu amsar da ta yi nesa da gaskiya. A ɗauki na ƙarshen kowane wata, a haɗa goma sha biyun, a raba da goma sha biyu. Na biyu, idan akwai kamfanin da kake tura wa kuɗi tukuna sannan ka jira layin lodi, waɗannan kwanakin ma jarinka yana waje, ko da yake ba su bayyana a sito ba kuma ba su bayyana a littafin bashi ba. A ɗebe irin wannan kuɗin daga bashin da ake binka. Na sha ganin 'yan sari da idan an yi musu wannan gyaran, kwanakinsu na biyan kamfani suke komawa ƙasa da sifili, ma'ana su ne suke ranta wa kamfanin.

Yanzu batun ragewa. A ganina da sito ya kamata ka fara, domin shi ne kaso mafi girma, kuma shi kaɗai ne ba ka bukatar yardar kowa kafin ka taɓa shi. Kwana 45 matsakaici ne kawai, kuma matsakaici yana ɓoye mai laifi. Ka sa a lissafa kowane nau'in kaya daban. Mu ƙaddara an yi hakan aka tarar cewa sukari da taliya da man girki da sauran masu gudu suna fita na miliyan 1.5 a rana, kuma abin da ke sito daga cikinsu na miliyan 30 ne, to su kwana 20 kawai suke yi. Ragowar kayan kuwa, irin su wani sabulu da bai karɓu ba, da lemon kwali da aka lallaɓa ka ka ɗauka, da biskit kala biyar da ɗaya ne kaɗai ake tambaya, suna fita na naira dubu 300 a rana, amma sun riƙe miliyan 51. Waɗannan kwana 170 suke yi. Kashi ɗaya cikin shida na cinikinka ke nan ya danne kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ke sito. Alƙalumanka na gaskiya za su bambanta da waɗannan, amma da wuya siffar ta bambanta.

Maganin kayan da suka yi kwantai yana da ɗaci, domin yana bukatar a karyar da wasunsu. 'Yan kasuwa da yawa suna ƙin yin haka saboda ba sa so su ga faɗuwa a rubuce, sai su bar katan ɗin a ƙuryar sito yana jiran farashin da ba zai zo ba, kwanan ƙarewar amfaninsa kuma yana matsowa. Ka duba lissafin da idon basira. Kayan miliyan 1 da ka sayar a dubu 900 ka faɗi dubu 100 sau ɗaya. Amma dubu 900 ɗin idan ta shiga sukarin da ke juyawa kowane kwana 20, ko da ribar kashi 3 cikin ɗari kawai take kawowa a kowane juyi, kafin juyi huɗu ta mayar da abin da aka faɗi, wato cikin ƙasa da wata uku. Idan ka sauko da masu nauyin nan daga miliyan 51 zuwa 24, sito ya koma miliyan 54, wato kwana 30, kuma miliyan 27 ta dawo hannu ko kusa da haka, gwargwadon ragin da ka yi.

Don kada su sake taruwa, kowane kaya yana bukatar iyakar da idan ya sauko gare ta ake yin oda, ba a yi kafin nan ba. Ana samun ta ne ta hanyar haɗa kwanakin da oda ke ɗauka kafin ta iso da 'yan kwanakin ko-ta-kwana, a ninka da abin da ake sayarwa a rana. Taliyar da ke fita katan 40 a rana, wadda odarta ke ɗaukar kwana 7, ka kuma ƙara kwana 5 saboda lalacewar mota ko tsaiko a kamfani, iyakarta katan 480 ce. Wurin da aka fi zamewa shi ne rangwamen da kamfani ke yi wa mai ɗaukar da yawa. A ce an rage maka kashi 2 cikin ɗari idan ka ɗauki na wata uku a tashi ɗaya maimakon na wata ɗaya sau uku. Wanda ya ɗauki na wata uku, a matsakaici kayansa suna kwana 45 a sito, na wata ɗaya kuwa kwana 15, bambancin wata guda ke nan. Idan kuɗin da kake rantowa yana cin kusan kashi 2 cikin ɗari a wata, rangwamen ya tafi gaba ɗaya a nan, tun ba a yi maganar ɓera da danshi da sata ba.

Na san za ka ce a lokacin tsada wanda ya tara kaya shi ne ya ci riba, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da nake ba da shawara shi ne a raba niyyar biyu a littafi. Kayan da ka saya da gangan saboda kana hasashen farashinsu zai tashi ka rubuta su daban, da kuɗin da ka ware musu da ranar da za ka sake su. In ba haka ba, duk kayan da suka ƙi tafiya sai a riƙa kiransu ajiya, alhali kwantai ne. Kuma kada garin rage kwanaki ka taɓa masu gudu har su yanke, domin mai shagon da ya zo neman sukari bai samu ba, a wurin maƙwabcinka zai sayi sauran kayan ma.

Sai bashin da kake bi, inda kwana 30 ɗin nan ma yake da ɓoyayyen ciki. An same shi ne da raba bashin da dukkan ciniki, har da na kuɗi hannu. Wannan daidai ne wajen lissafin zagaye, amma ba ya gaya maka halin masu cin bashinka. Idan rabin cinikinka ne kawai na bashi, wato miliyan 1 a rana, to miliyan 60 tana nufin kwana 60 suke yi kafin su biya, ko da kuwa wata ɗaya kuka yi alkawari. Abin da zai fayyace maka shi ne a jera bashin bisa tsufansa, a ƙirga daga ranar da aka ɗauki kowane kaya. Mu ƙaddara an samu miliyan 28 da ba ta wuce kwana 30 ba, miliyan 14 tsakanin 31 da 60, miliyan 8 tsakanin 61 da 90, da miliyan 10 da ta haura kwana 90. Kason farko lafiyayye ne, shi ne kasuwancin kansa. Na biyu da na uku nan ne aikin yake, domin masu su suna nan suna zuwa, kuma ana iya karɓa. Na ƙarshe kuwa yawanci a hannun mutum uku ko huɗu yake, kuma sau da yawa su ne waɗanda ake jin nauyin tambaya, tsohon abokin ciniki ko suruki ko ɗan unguwa.

Akwai wata al'ada da take sa tsohon bashi ya ɓuya, ita ce mai shago ya kawo wani abu daga cikin kuɗin ya ɗauki sababbin kaya a ranar, a rubuta jimilla kawai. Da haka mutum zai shekara bai taɓa sauka ƙasa da miliyan 3 ba, kai kuma kana ganinsa a matsayin mai biya. Gyaran shi ne kowane ɗauka ya samu rasit ɗinsa da ranar biyansa a rubuce, duk kuɗin da ya shigo a fara kashe rasit mafi tsufa da shi, kuma kowane mutum ya samu iyakar da ba ya wuce ta. Ma'auni mai kyau na iyakar shi ne abin da shagonsa yake iya sayarwa cikin wa'adin da ka ba shi, domin wanda ka ɗora wa kayan wata biyu ka ce ya biya cikin wata ɗaya, kai ne ka shirya jinkirin da hannunka. Wanda rasit ɗinsa ya wuce wa'adi da mako biyu, sababbin kaya sai kuɗi hannu har ya sauke. A kuma riƙa tuna wa mutum kwana biyu ko uku kafin ranar, tun da tuni kafin lokaci ba ya ɓata zumunci kamar bin bashi bayan lokaci. Idan yaranka suna samun lada a kan abin da suka sayar, ka mayar da ladan kan abin da aka karɓo, za ka ga sun daina tura kaya ga wanda suka san ba ya biya.

Wasu suna ba da ragi ga wanda ya biya da wuri, kamar kashi 2 cikin ɗari idan ya biya cikin kwana 10 maimakon 30. Kashi biyun yana da ƙanƙanta a ido, amma kwana 20 kawai ka saya da shi, kuma idan aka miƙe shi zuwa shekara ya kai kusan kashi 37 cikin ɗari. Ga mai ribar kashi 10 irinka, kashi ɗaya cikin biyar na ribar ke nan ka bayar. Sai fa idan ragin zai jawo wanda ya saba biya a kwana 60 ya dawo kwana 10, a nan tsadarsa ta sauko zuwa kusan kashi 15, wanda za a iya dubawa. Matsalar ita ce waɗanda suka fi karɓar irin wannan ragin su ne masu biya a kan lokaci tun asali. Ni na fi son a sa farashi biyu tun farko, na kuɗi hannu da na ajali, a tsayar da ɗaya a lokacin ciniki, domin ya fi sauƙin rubutawa, kuma yafe wani ɓangare na bashin da ya riga ya tabbata don a biya da wuri mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, wadda ya dace ka kai wa malaminka.

Da waɗannan matakan, sauko da bashin daga miliyan 60 zuwa 44 ba abin mamaki ba ne, wato kwana 22 ke nan, miliyan 16 kuma ta shigo. Amma ka lura da wani tarko a nan. Idan ka soke miliyan 10 ɗin da ta haura kwana 90 daga littafi saboda ka fid da rai, kwanakin za su ragu da biyar nan take ba tare da ko sisi ya shigo ba. Sokewar tana iya zama daidai, amma faɗuwa ce, kada a ƙirga ta cikin nasara. Duk lokacin da kwanaki suka ragu, ka duba asusun banki ka ga ko ya shaida.

Kwanakin biyan kamfani na bar su a ƙarshe da gangan, saboda su ne suka fi sauƙin miƙewa a takarda kuma su ne suka fi haɗari. Manyan kamfanoni irin su Dell da Amazon sun yi suna da zagayen da ya sauka ƙasa da sifili, suna karɓar kuɗin mai saye tun kafin su biya masu kawo musu kaya, amma girmansu ne ya ba su wannan bakin magana. Ɗan sarin da ya jinkirta biya ba tare da yarjejeniya ba, abin da yake samu shi ne a mayar da shi ƙarshen layin lodi a lokacin da kaya suka yi ƙaranci, ko a janye masa bashin gaba ɗaya. Hanyar da take aiki ita ce ka je da tarihin biyanka na shekara ka nemi ƙarin 'yan kwanaki a rubuce, musamman a kan kayan da kamfanin ne yake matsa maka ka ɗauka. Sabon kayan da ba a san karɓuwarsa ba, ka nemi a bar shi a wurinka ka biya abin da ya fita ka mayar da ragowar. Sannan ka daina biya kafin ranar da aka sa maka in ba ragi za a yi maka ba, kuma idan akwai ragin, lissafin da muka yi a baya ya juyo gare ka: kashi 2 a kan kwana 20 ya fi ƙarfin yawancin rance, don haka a nan biya da wuri shi ne riba ko da ya tsawaita zagayen. Ƙarin kwana 5 ya isa buri, daga 15 zuwa 20, wato miliyan 36 maimakon 27.

Idan duka ukun suka samu, zagayen ya zama 30 da 22 a ɗebe 20, wato kwana 32, kuɗin da ke ɗaure kuma ya sauko daga miliyan 114 zuwa 62. Miliyan 52 ɗin da ta kuɓuta sau ɗaya take zuwa, ba kuɗin shiga ba ne da zai maimaitu kowace shekara, saboda haka wurinta shi ne biyan rancen da ke kanka da ajiyar kuɗin lodi, kuma za ta koma inda ta fito idan aka saki iyakokin oda da na bashi. Kada ka sa ran ganinta cikin wata ɗaya, domin karyar da kwantai da karɓo tsohon bashi sukan ci wata huɗu zuwa shida. Ka riƙa sake lissafin a ƙarshen kowane wata da cinikin wata ukun da suka gabata, a raba da kwana 90 maimakon 365, ka rubuta alƙaluman uku daban-daban a gefen jimillar. Jimillar tana iya tsayawa a 60 alhali sito ya ƙaru da kwana goma, kai kuma ka rufe giɓin da jinkirta wa kamfani kwana goma, kuma a alƙaluman uku ne kawai za ka ga hakan kafin kamfanin ya kira ka.